Kuɗin da Suka Kwana a Banki Ba Su Ɓata Ba

A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara guda mai shi bai saka ko cire kuɗi ba ya zama asusu mai barci. Idan ya kai shekara 10 a haka, bankin zai miƙa kuɗin ga Babban Banki ya ajiye amana. Haƙƙinka na karɓarsu ba ya ƙarewa, komai daɗewa.

A ce kana da naira 80,000 a asusun ajiya da ka daina taɓawa tun 2012. Kada ka nufi Babban Banki. Bankinka za ka je, ka cike takardar neman a maido maka da kuɗinka. Ka riƙe katin shaida, shaidar inda kake zaune, takardar rantsuwa daga kotu, da duk abin da ke nuna asusun naka ne, ko da tsohon littafin ajiya ne. Bankin na da kwanakin aiki 10 ya tantance, Babban Banki ma 10 ya biya.

Inda aka fi samun cikas shi ne suna. Wanda ya buɗe asusu da Muhammadu, amma BVN da NIN ɗinsa na ɗauke da Mohammed, sai ya daidaita su tukuna. Magada kuwa sai da takardar kotu mai ba su ikon karɓar dukiyar mamaci.

Shawarata, kada ka rufe asusun sai kuɗin sun shigo hannunka. Daga nan ka rubuta takardar rufewa, ka nemi a ba ka shaidar rufewar a rubuce.