Amsoshin Tambayoyinku: Gatse a Saƙon Abokin Aiki

Wani malamin gona daga yankin Ɗambatta ya aiko mana da tambaya. Abokin aikinsa ya makara da jerin sunayen manoman da za a ba taki, har an gama noman farko. Shi kuma ya rubuta masa: “Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ai da ka bari sai an girbe gero.” Bai tura ba tukuna, yana neman gyara.

Malam, fara cire “sannu da ƙoƙari” da “ranka ya daɗe”. Yabon da ba a nufe shi ba shi ne dafin, kuma girmama tsaranka fiye da kima zagi ne a fakaice. Da baki, dariya takan sassauta gatse. A saƙon waya ba murya, sai abokin aikinka ya yi ta maimaita karatu yana ƙuna.

Zancen girbi kuwa akwai gaskiya a cikinsa: taki yana da lokaci. Sai a faɗe ta kai tsaye: “Malam, barka da aiki. Sunayen sun iso bayan noman farko, ga gero yana buƙatar taki yanzu da danshi a ƙasa. Don Allah turo na sauran ƙauyukan kafin Alhamis. In akwai abin da ya tsare ka, sanar da ni yau.”

Kada dai ka ƙara da “ba komai”, domin akwai komai, kuma da ya gani zai ɗauka ranar Alhamis ɗin ma wasa ce.