Jari kaɗan, ayyuka da yawa: wanne za a fara?

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a 2015, kuma kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa a Argungu a 2017, ƙungiyoyin manoma a fadamar Rima suka fara riƙe kuɗin da ba su saba riƙewa ba. A aikina na akanta, kuskuren da na fi gani shi ne a zaɓi aikin da ribarsa ta fi girma a ido, ba a tambayi nawa kowace naira ta haifa ba.

Ma'aunin riba ne ke amsa wannan tambaya. Za ka ɗauki kuɗin da aikin zai riƙa kawowa, ka mayar da su darajarsu ta yau, sannan ka raba da abin da ka kashe. Idan ruwan bashi kashi 25 ne, naira 125 ta baɗi daidai take da naira 100 ta yau. Sakamakon da ya gaza 1 asara ce.

Mu ƙaddara ƙungiya a Argungu tana da miliyan 10. Injin casar shinkafa zai cinye kuɗin duka, darajar abin da zai kawo kuwa miliyan 13, ma'auninsa 1.30, ribarsa miliyan 3. Famfunan sola na noman rani miliyan 6 ne, suna rage kuɗin fetur miliyan 4.3 duk shekara har shekara uku. A darajar yau wannan kusan miliyan 8.4 ne, wato 1.40. Sito na ajiye shanshera har farashi ya tashi zai ci miliyan 4, ya kawo 5.4, wato 1.35.

A taro kowa injin zai nuna, don shi ne mai riba mafi tsoka. Amma famfo da sito tare miliyan 10 ɗin dai suke ci, ribarsu kuma miliyan 3.8.

Sai dai a yi hattara, ma'aunin yana da iyaka. Da siton miliyan 5 ne, kuɗin ba za su ɗauke shi tare da famfo ba, kuma ba a gina rabin sito. Famfo kaɗai zai bar ribar miliyan 2.4, sauran miliyan 4 na kwance a asusu. A nan injin ya fi, duk da ma'auninsa bai kai na famfo ba. Shi ya sa bayan jera ayyukan bisa ma'auninsu nake haɗa su gida-gida, in ga haɗin da ya fi tara riba cikin kuɗin da ke hannu.

Sannan lissafin da ya ɗauka kowace shekara albarka ce ya manta ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafar Kebbi. Shugabannin ƙungiya, kafin ku sa hannu, ku nemi akantanku ya sake lissafin da shekara ɗaya mara amfani a ciki.