Kafin Ka Miƙa Kuɗin Mota

Mai tafiya daga Kano zuwa Kaduna, in ya shiga tashar Unguwa Uku, tun bai ajiye jaka ba 'yan kamasho za su yi masa caa, kowa na cewa "saura mutum ɗaya". Jama'a, a lura. Ikon fasinja yana hannunsa ne muddin kuɗinsa na aljihu. Da zarar ya biya, ya koma mai roƙo. Don haka duk binciken da za ka yi, yi shi kafin ka biya.

Fara da neman motar da ke kan layi, wato wadda lodi ya zo kanta, kuma a cikin tasha. Motar bakin hanya ta fi araha, gaskiya ne, amma babu wanda ya san direbanta, kuma a irinta ne 'yan wan-cans ke ɗaukar mutum su yi masa fashi. A tasha 'yan yuniyon sun san kowane direba, ana kuma rubuta sunan fasinja da lambar wani ɗan'uwansa a takardar da ake kira manifes. Kada ka raina wannan rubutu, da shi ake neman dangi in tsautsayi ya auku. Sannan dubi mutanen da ke zaune a cikin motar. Wanda ba shi da ko leda, yana ta hira da 'yan tasha, wataƙila zaman cika mota yake yi. In fasinjan gaske ya zo sai ya sulale.

Daga nan zagaya motar, ka durƙusa wajen tayoyi, ko da 'yan tasha za su yi maka dariya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara huɗu, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. Shafa gefenta. In ka ji kumburi ko ka ga tsattsagewa, bar motar nan. Hanyar ta haura kilomita 200, kwalta kuwa da rana tsaka wuta ce, tayar da ta gaji a nan take fashewa. In but ya cika har an ɗaure shi da igiya, gindin motar ya zauna, wannan ma nauyi ne a kan tayoyin baya.

Sai maganar kuɗi. Tambayi fasinjan da ya riga ka nawa ya biya, domin kuɗin kujera ɗaya ne ga duk masu sauka wuri ɗaya, ko da yake yana tashi lokacin sallah ko in man fetur ya yi tsada. Inda ciniki yake shi ne kaya, kuma a yi shi kafin buhu ya shiga but. A kuma faɗi wurin sauka. Wanda za shi Kawo da wanda zai sauka a Zariya bai kamata su biya daidai ba, amma in ba ka faɗa tun a tasha ba, babu mai mayar maka da canji a hanya.

Ƙaramar mota irin Golf an yi ta ne don mutum biyar har da direba, amma an saba cusa biyu a gaba, huɗu a baya. A ce kujera naira 10,000 ce. Direba na lissafin 60,000 daga mutum shida. In ka biya 20,000 ka sayi gaba kai kaɗai, lissafinsa ya cika, kai kuma ka sami bel, shi ma ya sami sararin sa giya. Haka mutum uku a baya za su iya raba 40,000 a tsakaninsu. Sai dai a yi maganar a gaban ɗan kamasho, cewa ba za a ƙara kowa ba, don wani direban yana kaiwa Kura zai taka birki ya ce a ɗan matsa. Tsoho da mai juna biyu a ba su gefen ƙofa, yaro kuwa kada a rungume shi a gaba, domin in aka taka birki da ƙarfi hannu ba ya iya riƙe shi.

In an kama hanya, ɗan riƙa leƙa allon gudu. Doka ta ba motar haya kilomita 90 a sa'a a babban titi mai hannu biyu. Direban da ya wuce haka, ko yake waya, ko ka ga kansa na rangaji, kada a yi masa ihu, sai ya ƙara taurin kai. Babban cikinku ya ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke ba," sauran su mara masa baya. In gyangyaɗi ne, ku nemi ya tsaya a Kwanar Ɗangora ya wanke fuska ya sha shayi.