Wane Littafi Bahaushen Ƙasar Waje Zai Fara Karantawa?

Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga hutun da ya wuce. 'Yar kawun ɗaya daga cikinmu ta zo daga Ingila, shekararta 12, can aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, domin da ita mahaifiyarta take yi mata magana a gida. Amma da muka miƙa mata littafin Hausa, sai ta kasa gama shafi ɗaya. Ta ce mana tana tsoron ranar da za ta zo ta kasa hira da kakarta. Wannan ya sa muka zauna da malaminmu na Hausa muka bincika abin da ya tare mata hanya.

Abu na farko da muka gano shi ne, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya, kuma ba ya nuna tsawon wasali. Mu da muka tashi a nan ba ma lura, saboda kunnenmu yana cike mana gurbin. Mun rubuta mata wannan jimla a allo: “Sun zauna a gindin kuka.” Ta karanta daidai harafi da harafi, sannan ta tambaye mu wa yake kuka. Ita kukan hawaye kawai ta sani, ba ta taɓa ganin bishiyar kuka ba, ga shi kuma rubutunsu iri ɗaya ne, murya ce ta raba su. Haka “gari” na mutane da “gari” na tuwo. Haka “fari” na launi da “fari” na rashin ruwan sama.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da 'y wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ. Babu su a Turanci, don haka idonta yana tsallake lanƙwasar. “Baƙi sun zo” ta karanta shi “baki sun zo”, “ƙafa” ta zama “kafa”. Malam ya ce yaran zango na Kumasi da Accra su ma suna haɗuwa da wannan, don a Hausar Gana ba a cika bambanta k da ƙ ba, kuma ba a cika raba namiji da mace a nahawu ba. Hausarsu ba kuskure ba ce, karinsu ne, sai dai littattafan da aka buga a Zariya suna bin Daidaitacciyar Hausa ne, wadda aka gina a kan karin Kananci.

To, da wane littafi za a fara? Mun yi gardama sosai. Wasu sun ce Ruwan Bagaja, don siriri ne, kuma rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana ba da dariya. Amma labari ne guda ɗaya mai tsawo, wanda ya ɓata a tsakiya ya ɓata ke nan. Daga ƙarshe muka tsaya a kan Magana Jari Ce littafi na ɗaya, shi ma na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A cikinsa Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, aku kuma yana ta ba Musa labarai don ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun Waziri. Amfanin wannan tsari ga mai koyo shi ne kowane labari gajere ne, yana da farkonsa da ƙarshensa. Idan ɗaya ya gagare ka, ka tsallake, na gaba sabo ne. Kuma kalmomin fada, irin su sarki, waziri, fadawa da dogarai, suna ta dawowa har su zauna a kai.

Ga yadda muka yi da ita. Ɗayanmu ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ita tana bin rubutun da yatsa ba ta cewa komai. Sai ta rufe littafin ta faɗa mana abin da ta ji, da Hausarta, ko da ta gauraya da Turanci. Bayan nan ne kawai take karantawa da bakinta. Kunne ne a gaba, ido a baya. Ranar farko mun yi kuskure, muka riƙa tsayar da ita a kowace kalma muna gyara, har ranta ya ɓaci ta ajiye littafin. Washegari muka yanke cewa kalma biyar kacal za a ɗauka a shafi, a rubuta su a bayan littafin rubutu, kowace da jimlar da ita ta ƙirƙiro.

Akwai alamar da ke nuna ko mutum yana fahimta ko furta haruffa kawai yake yi. Wanda yake fahimta yana tsayawa inda magana ta tsaya, muryarsa tana canzawa idan aku ya fara magana, kuma yana dariya a wurin dariya. Ranar da ta tuntsire da dariya kafin mu, mun san an wuce wurin.

Kada a boye wahalar littafin. Hausarsa ta fi shekara 80, akwai kalmomin da mu ma sai mun tambaya. Misali tsofaffin kuɗi: kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Tun 1973 aka koma naira. Irin waɗannan ba sai an haddace ba. A bugo wa kaka waya a tambaye ta, ai ta kashe su da hannunta, kuma ga hira ta samu.

Game da rubutattun waƙoƙi, shawararmu ita ce kada a fara su da ido. An tsara su ne don a rera, kuma karin waƙar ya dogara a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Wato abin nan da rubutu ya ɓoye, tsawon wasali, rerawa tana fito da shi fili. A nemi wanda ya iya ya rera baiti ɗaya sau uku, a lura da amsa-amon da ke ƙarshen ɗango, sannan a duba takarda. Baiti ɗaya a mako ya isa. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi ta ba baƙuwarmu wuya saboda kalmomin Larabci da ke cikinta. Amma Malam ya ce ga yaron Bahaushe da ya tashi a Sudan, wanda yake karatu da Larabci a makaranta, waɗannan kalmomin su ne mafi sauƙi, haruffan boko ne za su fi ba shi aiki.

Littattafan da ake sakawa a waya kuwa, a jinkirta su tukuna. Da yawa ana buga su ba lanƙwasa, ana haɗe kalmomi, “ya ce” ya koma “yace”, mai koyo kuma zai ɗauka haka ne daidai. Wasu ma na manya ne.

Ta koma Ingila da littafi na ɗaya a jakarta, ta gama labari huɗu. Yanzu duk Asabar tana turo muryarta tana karanta shafi ɗaya, mu saurara a taron kulob, mu mayar mata da kalma biyar. Wanda yake da littafi na biyu a gida ya taimaka ya ara mana, ya kai wa sakataren kulob kafin Juma'a.