Tambaya da Amsa: Abin da Baba Ya Ɗiba a Shago, Ina Zan Rubuta Shi?

TAMBAYA: Mahaifina yana sana'ar hatsi a Saulawa, cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, kuma ni ke riƙe masa littafi. Kullum yakan ɗauki kuɗin cefane daga aljihun tebur, wani lokaci ya sa a kai buhu gida. In na tambaya sai ya ce, "Ba kayana ba ne?" A watan jiya ya ɗauki ₦150,000 na makarantar ƙannena da buhun masara 2. Yaya zan rubuta?
Daga wani mai karatu, Saulawa.

AMSA: Gaskiyar Baba ce, kayansa ne, kuma doka ba ta raba shi da shagonsa kamar yadda take raba kamfani da masu hannun jari ba. Amma littafi yana raba su, domin in ba haka ba, ba za a san ko sana'ar tana ciyar da gidan ba ko gidan ne ke cinye ta. Ka buɗe shafi guda mai suna Ɗibar Maigida. Abin da ya shiga nan ba albashi ba ne, ba kashe-kashen shago ba ne, ragi ne daga jari.

Fara da kuɗin. Ka rubuta ₦150,000 a hagu, wato debit, na shafin Ɗibar Maigida, sannan ka rubuta adadin a dama, wato kiredit, na shafin Tsabar Kuɗi. In ta banki aka cire, kiredit ɗin ya tafi shafin Banki. Kada ka haɗa shi da kuɗin dako, lodi da hayar sito, domin waɗannan ne ake cirewa kafin a fitar da riba. In ka cusa shi cikinsu, ribar za ta ragu da ₦150,000 alhali cinikin bai yi laifin komai ba.

Masarar ce ke rikita mutane. A ce an sayo kowane buhu a kasuwar Makarfi a ₦40,000, ana sayarwa ₦46,000. Farashin saye za ka ɗauka: debit ₦80,000 a Ɗibar Maigida, kiredit ₦80,000 a shafin Sayayya. Dalili shi ne buhunan nan an sayo su don sayarwa, amma ba a sayar ba, saboda haka dole a zare su daga kayan da za a lissafa riba a kansu. In ka sa su a shafin Ciniki a ₦92,000, ka ƙirƙiro ribar ₦12,000 wadda babu wanda ya biya. In kuwa ba ka rubuta komai ba, ranar ƙirgar kaya za a ga giɓin buhu 2, ribar ta faɗi da ₦80,000, a fara yi wa yaron shago kallon ɓarawo.

Alamar da za ta nuna maka akwai ɗibar da ba a rubuta ba ita ce wannan: ka haɗa buhunan da aka kwana da su da waɗanda aka sayo, ka cire waɗanda aka sayar. In abin da ke sito bai kai amsar ba, kuma ba ƙwari ko zuba ba ne, ka tambayi gida. Haka ma kuɗi. Mai saye da ya yi taransifa cikin asusun Baba na kansa, ciniki ne ya tabbata, amma in kuɗin bai dawo shago ba, ka yi kiredit a Ciniki, debit a Ɗibar Maigida. Zakkar da ya fitar daga shago da tiyar da ya auna wa ƙanwarsa kyauta, duk nan za su. Amma in za ta biya, bashi ne, a buɗe mata shafi.

A ƙarshen shekara sai ka rufe shafin: kiredit a Ɗibar Maigida, debit a Jari. A ce jarin farko ₦2,000,000 ne, riba ₦900,000, ɗiba ₦1,100,000. Jarin da ya rage ₦1,800,000 ne. An ci riba, amma an taɓa uwar kuɗi da ₦200,000, kuma da kaka ta zo, buhu 5 ke nan da ba za a iya saye ba.

Da wannan lissafin za ka tunkari Baba, cikin ladabi, ba da musu ba. Ka roƙe shi ya yanka wa gida adadi guda duk mako, kuma duk abin da ya wuce haka ya faɗa maka a ranar. Kai kuma ka rubuta kafin a rufe shago. Allah ya sa albarka a kasuwa.