Tallan Fili na Ƙarshen Shekara: Abin da Za Ka Rubuta da Wanda Ba Za Ka Rubuta Ba

Kai mai sayar da fili ko gida, tsaya ka ji kafin ka kai tallanka wurin bugawa. Disamba ta kama. Manomi ya sayar da amfaninsa, ɗan kasuwa yana rufe lissafin shekara, masu neman kuɗi a nesa sun dawo gida da abin da suka tara. Kowa na cigiyar inda zai aza tubali, kai kuma kana son ka yi garaɓasa. Babu laifi a cikin wannan. Laifin yana cikin kalmomin da za ka zaɓa. Na ga magidancin da aka rushe masa gini bayan ya kai linta, na ga gwauruwar da ta zuba gadon marayunta a filin da ke da masu shi uku, na kuma ga mai kamfanin da ya kwana a hannun hukuma. Duk daga layi ɗaya na talla abin ya faro.

Ka fara sanin abin da kake sayarwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a Nijeriya a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A Abuja kuwa ministan babban birnin tarayya ne ke ba da fili. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, galibi na shekara 99 idan filin gida ne. Shi ya sa takardu ba ɗaya ba ne. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki. Takardar ƙaramar hukuma ta shafi filin da ba na birni ba. Takardar da gwamnati ke bayarwa idan ta ba mutum fili, wadda ake kira R of O, mataki ce. Satifiket ɗin gwamna, wato C of O, shi ne na sama. Mai saye bai san wannan bambanci ba. Kai ka sani, don haka nauyin faɗa yana wuyanka.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ambaci takardar da ke hannunka yau, da ainihin sunanta. Idan takardar dagaci ce, rubuta takardar dagaci. Wanda ya saya da saninsa ba zai kai ka kotu gobe ba.

2. Faɗi sunan wanda ke kan takardar, ka kuma faɗi ko ta gonar ce gaba ɗaya ko ta kowane fuloti. Satifiket ɗin kamfani a kan hekta goma bai zama satifiket ɗin mai fuloti ɗaya ba.

3. Sa lambar fayil a tallan, ka ce a je a bincika. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Nasarawa NAGIS, a Abuja AGIS. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike.

4. Bayyana ko awon gwamnati ne ko awon igiya, da girman fulotin da inda yake. Ƙafa 50 a 100 kusan murabba'in mita 465 ne, kuma haka za ka rubuta. Awon igiya na iya faɗawa kan hanya ko magudanar ruwa ranar da hukumar tsara birni ta zo.

5. Rubuta farashi biyu a fili: na kuɗi hannu da jimillar na biya kaɗan-kaɗan. Sa kafin alƙalami, da kuɗin kowane wata, da yawan watannin. Cinikin da ba a yanke farashinsa ba rigima ce ake ajiyewa.

6. Lissafa duk kuɗin da ke biyo bayan farashin. Kuɗin safiyo, na lauya, na gyaran hanya, la'adar dillali, da kuɗin neman amincewar gwamna idan za a mayar da suna. Kuɗin da ya ɓullo daga baya, mai saye ƙwace yake ɗaukarsa.

7. Faɗi abin da zai faru idan biya ya tsaya. Kwana nawa za ka ɗaga ƙafa, nawa za ka cire, cikin wata nawa za ka mayar da sauran. Ciwo da karayar jari ba sa sallama.

8. Sa ranar da za a nuna wa mutum fulotinsa da ranar da zai karɓi takarda. Rasit ba fili ba ne sai an kafa turaku an ba shi lamba.

9. Nuna tsohon farashi, da sabo, da ranar farawa da ranar rufewa. Ragin da ba a iya aunawa ba ragi ba ne.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka rubuta "takardu cikakku" ko "C of O na kan hanya". Fayil ɗin da ke kan tebur ana iya ƙin sa masa hannu.

2. Kada ka tallata gonar gado kafin duk magada su sa hannu, ko filin da ke jingine a banki, ko wanda ke gaban alƙali. Magaji ɗaya da ba a tambaya ba ya isa ya tsayar da ginin mutum hamsin.

3. Kada ka rubuta "gwamnati ta amince" don kamfaninka na da rajista. Rajistar kamfani shaida ce cewa kamfanin yana nan, ba ta ce komai a kan filin ba.

4. Kada ka sa hoton wata unguwa, ko ka ce "minti biyar daga titi" alhali sai an ratsa rafi. Damina za ta zo ta ƙaryata ka.

5. Kada ka buga kuɗin wata ɗaya da manyan baƙaƙe ka ɓoye jimilla a ƙasa. Wanda ya ji "mallaki fili da dubu ɗari biyu" ya riga ya yi lissafinsa a kan ƙarya.

6. Kada ka ce "takardu kyauta" idan ka tura kuɗinsu cikin farashi ko za ka karɓa da wani suna. Buhun shinkafar da ka haɗa a garaɓasa ba zai wanke wannan ba.

7. Kada ka ɗora ƙari a kan wanda ya makara, sannan ka rubuta "babu kuɗin ruwa". Mafi yawan malamai sun halatta farashin ajali ya fi na kuɗi hannu idan an yanke shi ranar ciniki, amma ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce.

8. Kada ka karɓi kuɗin fuloti fiye da yawan da ke cikin taswira, kuma kada ka yi alkawarin farashi zai ninka baɗi. Sayar da abin da ba ka da shi haramun ne, gobe kuwa ba a hannunka take ba.

9. Kada ka ɗaga farashi a Nuwamba don ka "rage" a Disamba, ko ka ce "saura uku" alhali saura talatin. Dillalan unguwa sun san tsohon farashi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

GA YADDA ABIN YAKE A AIKACE

A ce kana da gona a bayan gari da ka yanka fuloti 40, kowanne ƙafa 50 a 100. Satifiket ɗin gwamna na gonar gaba ɗaya yana hannunka da sunan kamfani, amma ba a raba wa kowane fuloti nasa ba. Farashinka tun farkon shekara naira 3,000,000 ne. Mai son zuciya zai rubuta haka:

"Garaɓasar ƙarshen shekara! Mallaki fili mai C of O da naira 200,000 kacal. Takardu cikakku. Saura kaɗan!"

Duba ɓarnar da ke cikin layin nan. Naira 200,000 kuɗin wata ɗaya ne. Kafin a kai gare shi akwai kafin alƙalami na naira 900,000, sannan wata 12 ana biyan 200,000, wato 2,400,000. Jimilla 3,300,000. A kan wannan akwai safiyo 150,000, da lauya 100,000, da gyaran hanya 250,000, waɗanda suka haɗu 500,000. Mutumin da aka kira da dubu ɗari biyu zai fitar da naira 3,800,000, kuma bayan ya gama zai tarar satifiket ɗin ba da sunansa yake ba. Ga yadda za ka rubuta:

"Ragin ƙarshen shekara, daga 1 zuwa 31 ga Disamba. Fuloti 40, ƙafa 50 a 100. Kuɗi hannu: da naira 3,000,000, yanzu 2,700,000. Biya kaɗan-kaɗan: 900,000 da farko, sannan 200,000 duk wata har wata 12, jimilla 3,300,000, ragin bai shafe shi ba. Safiyo, lauya da hanya: 500,000 a kan kowane tsari. Takarda: C of O na gonar gaba ɗaya da sunan kamfani, ga lambar fayil, a je a bincika. Mai saye zai karɓi takardar mayar da haƙƙi ranar da ya gama biya. Neman amincewar gwamna da satifiket da sunansa, kuɗinsa na kansa. Ana nuna fuloti da lambarsa ranar biyan farko. Wanda ya tsaya da biya za a jira shi kwana 60, bayan haka a cire kashi 10 cikin ɗari na abin da ya biya, a mayar masa da sauran cikin wata uku. A zo a ga fili kafin a biya ko kwabo."

Na biyun ya fi tsawo, kuma zai kori wasu. Bar su su tafi. Wanda ya gudu da ya ga jimilla, shi ne da zai tsaya a wata na huɗu ya zo ƙofar ofishinka da 'yan'uwansa.

Kalmomin nan ba a takarda kaɗai za su tsaya ba. Abin da ka buga shi mai shela zai faɗa a rediyo, shi dillalanka za su aika a waya, ba ƙari ba ragi. Alkawarin da yaronka ya yi da baki, kai za a kama da shi. Kuɗi kuma su shiga asusun kamfani, a ba da rasit mai lambar fuloti, kada su bi ta asusun dillali. Ka sani dokar kare masu saye ta 2018 ta hana tallan yaudara, hukumar FCCPC na karɓar ƙorafi a kai, kuma dokar ARCON ta 2022 ta ce a tantance talla kafin a yaɗa shi.

Kafin ka kai wurin bugawa, ɗora tallan kusa da yarjejeniyar da mai saye zai sa wa hannu, ka ba lauyanka ya karanta su tare. Duk sharaɗin kuɗi ko na takarda da ke cikin yarjejeniya amma babu shi a talla, shigar da shi. Duk alkawarin da ke cikin talla amma ba za ka iya sa masa hannu a yarjejeniya ba, goge shi.