Addu'o'in safe da marece a gajeren bidiyo: darasi daga Sayyidul Istigfari

 

Gajerun bidiyoyin addu'o'in safe da marece sun yawaita a salular ƴan'uwa. Kowane guda yana ɗauke da addu'a ɗaya, minti ɗaya ko biyu: Larabci a sama, karatunsa da haruffan boko a tsakiya, ma'anar Hausa a ƙasa, ga kuma muryar mai karantawa. Wannan darasi ya ɗauki addu'a ɗaya, Sayyidul Istigfari, domin a ga aikin kowane layi daga cikin ukun nan da inda yake iya kayar da mai koyo.

Imamu Buhari ya ruwaito addu'ar daga sahabi Shaddadu ɗan Ausu, Allah ya yarda da shi. A ƙarshen hadisin an yi bushara da Aljanna ga wanda ya faɗe ta da rana ya rasu kafin marece, ko ya faɗe ta da dare ya rasu kafin wayewar gari, amma an ɗaure busharar da sharaɗi, shi ne ya faɗe ta yana mai yaƙini da ita. Saboda wannan sharaɗi ne layin Hausa ya zama wajibi a bidiyon, don da wuya mutum ya sakankance da maganar da bai san abin da take cewa ba.

Aikin farko shi ne yanka addu'ar gaɓa-gaɓa, tunda fuskar salula ba ta ɗaukar ta duka da rubutun da ido zai gani. Tana yankuwa gida bakwai ba tare da an cuci ma'ana ba: tabbatar da cewa Allah ne Ubangiji shi kaɗai, halitta da bauta, tsayuwa a kan alkawari, neman tsari daga sharrin aikin kai, amsa ni'ima, amsa zunubi, sai roƙon gafara. Wurare biyu ne ba a yarda wuƙa ta faɗa ba. A gaɓa ta farko da ta ƙarshe akwai korewa da kalmar “la”, sai togaciya da “illa”. Idan mai shirya bidiyo ya ga layi ya yi tsawo ya raba shi a tsakaninsu, to na ɗan lokaci abin da zai tsaya a ƙasa da Hausa shi ne babu mai gafarta zunubai, sauran maganar sai hoto na gaba. Mai koyo kuma a nan zai saba jan numfashi. Gara a rage girman rubutu da a raba su.

Layin Larabci yana da nasa tarko ga wanda ya yi karatun allo. A rubutun da aka saba da shi a tsangayun Maraɗi da Damagaram da Tawa, harafin fa ɗigonsa guda yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo guda ne a sama. Rubutun salula na Gabas ne: fa ce ke da ɗigo guda a sama, ƙaf na da biyu. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani a allo zai iya ganin fa ta “fagfir” ya ɗauke ta ƙaf, ba don ƙarancin karatu ba, sai don idonsa da wani rubutun ya saba. Jimla guda a bidiyon farko na jerin ta isa ta warware wannan. Sai kuma wasulla, waɗanda dole a sa su cikakku. Akwai kuma cutar da wasu manhajojin haɗa bidiyo ke sa wa Larabci, su tsinka haruffa kowane ya tsaya shi kaɗai, su jera su daga hagu zuwa dama. Duk bidiyon da aka ga haruffansa ba su riƙe da juna, ba a tura shi gaba.

Layin boko shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma mafi rauni. Haruffan boko ba su da gurbin wasu sautukan Larabci, sai su haɗa biyu ko uku a harafi guda. A dubi kalmar da ke nufin “Ka halicce ni”. Farkonta ha mai ruwa ce, tsakiyarta ƙaf. Idan aka rubuta ta “halaktani” kamar yadda bakin Bahaushe ya fi so, an fitar da ita daga asalin da ya ba Hausa kalmar halitta, an kai ta asalin da ya ba ta kalmar halaka. Rubuta ta “khalaƙtani” ya fi kusa, ko da yake ƙ ta Hausa ba ita ce ƙaf ta Larabci daidai ba, maƙwabciyarta ce kawai. Haka harafin ainu: waƙafin sama guda ake sa masa, shi ake sa wa hamza, alhali a cikin wannan addu'a “sana'tu” ainu ce, “abu'u” kuma hamza. Bahaushe kuma yana son cusa wasali inda Larabci ya yi ɗauri, sai “ni'mati” ta koma “ni'imati” saboda sabo da kalmar ni'ima.

A Nijar akwai ƙarin matsala da ta fito daga lekol. Wanda ya koyi karatu da Faransanci yakan rubuta u da haruffa biyu, o da u, ya rubuta sh da c da h, alhali c a rubutun Hausa wani sauti ne daban. Idan kuma ya ga s tsakanin wasula biyu, z yake karantawa, sai “masir” ta fito “mazir”. Ba a cewa wannan tsari haram ne wancan halal. Abin da ake nema shi ne jerin ya zaɓi tsari guda, ya bayyana shi tun farko, kada ya canja a bidiyo na biyar.

Wurin da ya fi kowane haɗari wasali ɗaya ne tak. A gaɓa ta huɗu bawa yana neman tsarin Allah daga sharrin abin da ya aikata, kalmar ita ce “sana'tu”, da rufu'a a kan ta, ma'ana ni na aikata. Idan aka yi mata fataha ta zama “sana'ta”, ma'ana Kai ka aikata, an mayar da laifin ga Wanda ake roƙo. Abin da ke sa wannan kuskure ya yi sauƙi shi ne, kalmar ce ƙarshen gaɓarta. Mai karantawa a bidiyo yana tsayawa a kanta, tsayawa kuwa a Larabci tana kashe wasalin ƙarshe, don haka mai saurare bai taɓa jin rufu'ar ba. Ranar da ya haddace ya fara sadar da gaɓoɓin da sauri, sai ya yi hasashe, ga kuma “khalaƙtani” da fataharta tana kunnensa. Maganinsa shi ne a karanta addu'ar sau biyu a kowane bidiyo, na farko gaɓa-gaɓa da tsayawa, na biyu a sadar, a rubuta wasalin ƙarshe a layin boko ko da ba a furta shi a karatun farko ba. Haka lamarin yake ga “mastaɗa'tu” a gaɓa ta uku, wadda a rubuce kalmomi biyu ne, amma a baki alifin tsakiya yana faɗuwa su haɗe.

Layin Hausa ba wurin tafsiri ba ne, amma kalmomi biyu sun cancanci mai karantawa ya ƙara musu bayani da baki. Alkawarin da ke gaɓa ta uku, Imamu Haɗɗabi ya fassara shi da alkawarin imani da tsarkake ɗa'a ga Allah, Ibnu Baɗɗal kuma ya kai shi ga alkawarin da aka ɗauka daga zuriyar Adamu, wanda ya zo a suratul A'arafi aya ta 172. Kalmar “gwargwadon ikona” da ke biye da shi amsa gazawa ce, cewa bawa ba zai cika haƙƙin Ubangijinsa ba, kada a fahimce ta a matsayin uzurin malalaci. “Abu'u” kuma ana fassara ta da “ina iƙirari”, daidai ne, sai dai asalinta yana ɗauke da ma'anar komowa da kaya a ka wanda mutum ba ya iya saukewa. Kalma ɗaya aka yi wa ni'ima da zunubi, sau biyu a jere, don haka fassarar da ta sa “na gode” a ta farko da “na tuba” a ta biyu ta ɓatar da wannan.

Sayyidul Istigfari lafazinta ɗaya ne safe da marece, bidiyo guda ya ishe ta. Wasu addu'o'in ba haka suke ba. “Asbahna”, mun wayi gari, tana komawa “amsaina”, mun kai marece. Inda aka ambaci yini, da marece dare ake ambata, shi kuwa dare a Larabci kalmar mace ce, sai lamiran da ke bayanta su ma su juya, “ba'dahu” ta zama “ba'daha”. Ɗan rubutun da ake maƙalawa a ƙasa cewa da marece a canja kalmar farko bai isa ba, irin waɗannan bidiyo biyu suke buƙata. Addu'ar da Abu Huraira ya ruwaito kuwa, ruwayoyi sun saɓa a kan ƙarshenta. Wadda ke cikin Adabul Mufrad na Buhari ta sa “nushur”, tashi daga kabari, da safe, “masir”, makoma, da marece, kuma Ibnul Ƙayyim ya rinjayar da ita saboda farkawa daga barci ta yi kama da tashin ƙiyama. Wanda ya ji wani yana karanta saɓanin haka kada ya yi gaggawar cewa kuskure ne. Haka ma a suratul Ikhlasi, ƴan allo da ruwayar Warshu “kufu'an” suke cewa da hamza, bidiyon da ya bi Hafsu kuma “kufuwan” zai ce, duka biyun karatu ne ingantacce.

Lokacin da malamai da yawa suka fi so shi ne daga asuba zuwa fitowar rana, da daga la'asar zuwa faɗuwarta, wanda ya makara kuma ya karanta lokacin da ya samu. Waɗannan addu'o'i ba su buƙatar izinin muƙaddami, ba su kuma tsayawa a madadin lazimi. Ɗan'uwa ya yi su kafin ya ɗauki carbi ko bayan ya aje, kada ya cusa su a tsakiyar wuridi.

Hanyar koyo daga bidiyo guda ita ce a fara da kunne, a saurara sau da yawa ba a kallo. Sai a karanta ma'anar har mutum ya iya faɗin gaɓoɓi bakwai ɗin da Hausarsa. Daga nan ne ake duba layin boko, ga wanda bai iya Larabci ba, na ƴan kwanaki, sannan a rufe shi da yatsa a bi na sama. In an haddace, sai a je a biya wa malami baki da baki, don salula ba ta jin kuskuren mai karatu. A roƙi malamin ya saurari gaɓa ta huɗu a sadar da ta biyar.